Yadda ake ɗora shafin intanet kyauta ƙarƙashin suna na kai, tare da satifiket ɗin tsaro

Daga kasuwar hatsi ta Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, a bi hanyar Katsina zuwa Bichi da Tsanyawa, ko a nufi Dambatta da Makoɗa, ƙasa ce da gona ke manne da gona, kuma kusan kowane gari yana da ƙungiyar manoma ko ta masu tara amfanin gona. Mai sayen riɗi ko zoɓo ko wake daga Legas, balle wanda ke wajen Najeriya, yakan nemi adireshin intanet na ƙungiya kafin ya fara maganar ciniki, haka ma hukumomin da ke ba da tallafi. Abin da irin wannan ƙungiya ke buƙata bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba: sunanta, lambar rajistarta, abin da take nomawa, lokacin girbi, da hanyar tuntuɓarta. Shafi irin wannan ba ya buƙatar hayar saba ta wata-wata. Ana iya ajiye shi kyauta, a liƙa masa suna na kai, a kuma samar masa satifiket ɗin tsaro ba tare da biyan ko kwabo ba. Sunan ne kaɗai ake biya, shekara-shekara.

Abubuwa uku da ake haɗawa

Tsayayyen shafi shi ne wanda aka riga aka rubuta fayilolinsa aka ajiye, duk wanda ya buɗe abu ɗaya zai gani. Babu rumbun bayanai a bayansa, babu shiga da kalmar sirri, babu kwandon sayayya. Fayil ɗin rubutu ne mai suna `index.html`, da 'yan hotuna, wataƙila da fayil ɗin da ke tsara launi da girman haruffa. Da yake kwamfutar da ke riƙe da shi ba ta yin wani lissafi sai miƙa fayil, kuɗin riƙe shi kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa kamfanoni irin su GitHub da Cloudflare da Netlify suke yin wannan hidima kyauta.

Abu na biyu shi ne suna. Kamfanin da ya ba da masauki yakan ba da adireshi nasa, mai ƙarewa da `github.io` ko `pages.dev`. Wannan kamar zama ne a rumfar aro: ranar da aka tashi, adireshin ya tafi. Suna na kai kuwa ana yi masa rajista ne dabam, kuma yana bin mai shi duk inda ya koma. Sunayen da ke ƙarewa da `.ng` suna ƙarƙashin kulawar hukumar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ana kuma sayensu da naira ta hannun kamfanonin rajista da ta amince da su. Ɗan kasuwa yakan ɗauki `.com.ng`, ƙungiya kuma `.org.ng`. Ma'aikatan gwamnati su lura cewa `.gov.ng` ba a sayensa a kasuwa; na hukumomin gwamnati ne, kuma ta hannun NITDA ake nemansa.

Na uku shi ne satifiket, wanda ke mayar da farkon adireshi daga `http` zuwa `https`. Aikinsa biyu ne: yana kulle abin da ke wucewa tsakanin waya da saba, yana kuma tabbatar wa burauza cewa sabar da ta amsa ita ce mai sunan ya naɗa. Tun Yulin 2018 burauzar Chrome take rubuta `Not secure` a gefen duk shafin da ba shi da shi. A da galibi sayen satifiket ake yi, har zuwa 2015 da cibiyar Let's Encrypt ta fara bayar da shi kyauta. GitHub ta haɗa gwiwa da ita a Mayun 2018, ta yadda masu suna na kansu ke samun satifiket ba tare da sun cike wata takarda ba.

Zaɓen masauki, da wani sharaɗi da ya shafi 'yan kasuwa

Bayanin da ke tafe zai bi hanyar GitHub Pages, domin matakanta a fili suke kuma sun daɗe ba su sauya ba. Amma akwai sharaɗin da ba kasafai masu koyarwa ke faɗa ba: ƙa'idojin kamfanin sun hana a mayar da wannan hidima masaukin gudanar da kasuwancin intanet ko shagon saye da sayarwa. Shafin da ke gabatar da ƙungiya da ayyukanta bai shiga wannan hani ba. Wanda kuwa manufarsa tallar kaya da karɓar oda ce, gara ya nufi Cloudflare Pages ko Netlify, bayan ya karanta nasu ƙa'idojin. Tsarin suna da satifiket kusan ɗaya ne a duka, lambobi ne kawai suka bambanta. Bambancin da ya kamata a sani game da Cloudflare shi ne, idan ana son tsurar suna ba tare da `www` ba, sai an mayar da dukan kulawar DNS ta sunan zuwa hannunta.

Akwai kuma masu ajiye shafi a rumbun fayiloli kamar Amazon S3. Adireshin shafi na S3 ba ya ba da `https` shi kaɗai, sai an sa CloudFront a gabansa, ga kuma buƙatar katin banki da ke biya da dala. Ga ƙungiyar ƙauye wahalar ta fi amfanin yawa.

Iyakokin GitHub Pages ba za su takura ƙaramin shafi ba. Girman shafi kada ya wuce gigabait 1, zirga-zirga kuma an ƙiyasta mata gigabait 100 a wata. Shafi mai nauyin kilobait 300 sai an buɗe shi sama da sau dubu 300 kafin ya kai wannan iyaka. Inda ake samun matsala shi ne hotuna: hoto ɗaya daga kyamarar waya yakan kai megabait 4, kuma manomin da ke Kunci ko Bagwai, mai sayen data kaɗan-kaɗan a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, shi zai biya wannan nauyi. A rage kowane hoto zuwa kilobait 100 ko ƙasa da haka kafin a ɗora.

Sharaɗi mafi girma shi ne cewa a tsarin kyauta ma'ajiyar fayilolin a buɗe take ga kowa, har da tarihin abin da aka taɓa ɗorawa aka goge. Jerin sunayen mambobi da lambobin wayarsu, ko NIN da BVN, ba su da gurbi a ciki ko na minti ɗaya.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wata ƙungiyar manoman rani da ke shan ruwan madatsar Watari ta yanke shawarar buɗe shafi. Sunan `misali.org.ng` da sunan asusu `manoma-misali` da za a gani a ƙasa na kwatance ne kawai, kowa zai sa nasa.

Matakin farko ba na kwamfuta ba ne. A sayi sunan da imel na ƙungiya, a rubuta sunan ƙungiya ko na sakatarenta a matsayin mai shi, ba na yaron shagon kwamfuta da ya taimaka ba. Duk wanda ke riƙe da asusun rajista shi ne mai suna a aikace, kuma ƙwato shi bayan an ɓata aiki ne mai tsawo. A zaɓi suna da haruffan boko marasa lanƙwasa, wato `k` da `d` da `b` a madadin ƙ da ɗ da ɓ, domin kowace waya ta iya rubuta shi. A cikin shafin kuwa haruffa masu lanƙwasa za su fito daidai muddin an sa wannan layi a saman fayil:

```
<meta charset="utf-8">
```

Daga nan a buɗe asusu a GitHub, a ƙirƙiri ma'ajiya mai suna `manoma-misali.github.io`, a ɗora `index.html` da hotuna. A shiga `Settings`, sai `Pages`, a zaɓi reshen `main` a matsayin inda za a ɗauki fayiloli. Cikin 'yan mintuna shafin zai bayyana a adireshin aro. Kada a wuce nan sai an ga ya buɗe, domin duk kuskuren da ke cikin fayiloli ya fi sauƙin ganewa kafin a haɗa shi da maganar suna. Wanda aka fi yi shi ne na manya da ƙananan baƙaƙe: a kwamfutar Windows `Gona.JPG` da `gona.jpg` abu ɗaya ne, a sabar kuwa fayiloli biyu ne dabam, sai hoto ya ƙi fitowa.

Mataki na gaba shi ne tabbatar wa GitHub mallakar suna. A saitin asusu, ba na ma'ajiya ba, akwai `Pages` da maɓallin `Add a domain`. Za a ba da wata doguwar lamba da za a saka a shafin DNS na kamfanin rajista a matsayin bayanin `TXT`, ƙarƙashin suna mai farawa da `_github-pages-challenge-`. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki tunda shafi yana aiki ko babu shi. Amfaninsa yana zuwa a ƙasa.

Sannan a koma saitin ma'ajiya, a rubuta `misali.org.ng` a gurbin `Custom domain`, a danna `Save`. Sai bayan haka a taɓa sauran bayanan DNS.

DNS kamar kundin dillalai ne: an ba shi suna, ya faɗi lambar rumfa. Bayanan da ƙungiyar za ta shigar biyar ne:

```
@     A      185.199.108.153
@     A      185.199.109.153
@     A      185.199.110.153
@     A      185.199.111.153
www   CNAME  manoma-misali.github.io
```

Alamar `@` tana nufin tsurar suna, wato `misali.org.ng` ba tare da komai a gabansa ba. Bayanin `A` yana haɗa suna da lambar saba kai tsaye, an kuma yi su huɗu domin idan ɗaya ta samu cikas sauran su amsa. Bayanin `CNAME` kuwa laƙabi ne, yana cewa duk mai neman `www` ya je ya tambayi wancan suna. Dalilin da ya sa ba a yi wa tsurar suna laƙabi ba shi ne, ƙa'idar DNS ba ta yarda `CNAME` ya zauna tare da wani bayani a suna ɗaya ba, alhali tsurar suna dole tana ɗauke da wasu bayanai na tushe. Idan an shigar da duka biyar ɗin, GitHub da kanta za ta riƙa tura mai rubuta `www` zuwa tsurar suna.

A nan ne akasarin aiki ke lalacewa. Kamfanonin rajista sukan bar wani bayanin `A` nasu, mai nuni ga shafin talla ko na jiran gini. Idan ba a goge shi ba, lambobi sun zama biyar, sai wani ya buɗe ya ga shafin ƙungiya, wani ya ga talla, satifiket kuma ya ƙi fitowa. A goge shi, a kuma goge duk wani tsohon `AAAA` da ba na GitHub ba. Amma a yi hattara da bayanan `MX`: su ne ke kai saƙonnin imel, wanda ya share su cikin gaggawa zai wayi gari wasiƙun ƙungiya sun daina shigowa.

Ba a ganin sauyi nan take. Kowane bayani yana da wa'adin da sauran kwamfutoci ke riƙe tsohuwar amsa, ana rubuta shi da daƙiƙoƙi a gurbin `TTL`. 3600 na nufin sa'a ɗaya. Maimakon a yi ta sabunta burauza, a tambayi DNS kai tsaye:

```
nslookup misali.org.ng
nslookup -type=A www.misali.org.ng
```

Amsar da ake so ita ce lambobin nan huɗu masu farawa da `185.199`. Idan wata baƙuwar lamba ta fito, ko dai ba a goge tsohon bayani ba, ko wa'adinsa bai cika ba tukuna.

Yadda satifiket ke fitowa

Da zarar DNS ya daidaita, GitHub za ta nemi satifiket daga Let's Encrypt a madadin ƙungiya. Cibiyar ba ta tambayar takardar rajista ko katin shaida. Gwaji ɗaya take yi: ta bi sunan ta ga ko sabar da ya kai ta za ta iya nuna wata alama da aka umarce ta ta ajiye. Idan ta gani, ta tabbata mai nema yana da iko da sunan, sai ta bayar. Wannan ne ya sa baƙuwar lamba guda ke hana komai, domin gwajin yana iya faɗawa kan sabar da ba ta san da maganar ba.

Sau da yawa abin yana kammaluwa cikin sa'a guda, amma GitHub ta ce yana iya kai sa'o'i 24. Alamar kammaluwa ita ce akwatin `Enforce HTTPS` ya zama mai dannuwa. A danna shi, domin duk wanda ya shigo ta `http` a juya shi zuwa `https`. Idan kwana ya wuce akwatin bai buɗe ba alhali DNS daidai yake, a cire sunan daga `Custom domain`, a sake rubuta shi. Hakan yana tayar da sabon nema. A kuma duba ko akwai bayanin `CAA`, wanda ke iyakance cibiyoyin da aka yarda su ba sunan satifiket. Rashinsa ba matsala ba ne, amma idan yana nan dole ya ƙunshi `letsencrypt.org`.

Satifiket ɗin Let's Encrypt kwana 90 yake yi, kamfanin masauki kuma yana sabunta shi da kansa kafin ya ƙare. Wa'adin ma raguwa zai yi: a Afrilun 2025 majalisar masu burauza da masu ba da satifiket ta amince a riƙa gajarta shi har ya koma kwana 47 a 2029. Wanda ke kan masaukin da ke sabuntawa da kansa ba zai ji wannan sauyi ba.

Ya kamata 'yan kasuwa su san iyakar abin da satifiket ke shaidawa. Yana nuna cewa mai shafi yana da iko da sunan, ba ya nuna cewa mutumin kirki ne ko yana da buhu ko ɗaya a sito. Ɗan damfara ma yana samun nasa kyauta cikin mintuna. Saboda yawan masu ɗaukar hoton kwaɗo a matsayin shaidar amana, Chrome ta sauya shi da wata alama a 2023.

Gane matsala daga saƙon da ya fito

Idan burauza ta nuna jan gargaɗi, akwai ɗan rubutu a ƙasansa da ke faɗin dalili. `NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID` yana nufin sabar ta miƙa satifiket mai ɗauke da wani suna, galibi na `github.io`, wato na ƙungiya bai fito ba tukuna. Magani shi ne a koma kan DNS da jira.

`NET::ERR_CERT_DATE_INVALID` kuwa yana da fuska biyu. Idan kowa yana ganinsa, satifiket ya ƙare kuma sabuntawa ta gaza, yawanci saboda wani ya taɓa DNS. Idan mutum ɗaya ne ke gani, a duba agogon wayarsa. A garuruwan da ake kai waya shagon caji, batir ya mutu ya kwana, wasu wayoyi sukan tashi da kwanan watan shekarun baya, sai su ɗauki satifiket mai kyau a matsayin wanda lokacinsa bai yi ba. Gyara kwanan wata ya wadatar.

Tsofaffin wayoyi suna da tasu matsalar da mai shafi ba zai iya gyarawa daga ɓangarensa ba. Wayoyin Android da ke ƙasa da 7.1.1 ba su zo da tushen satifiket na Let's Encrypt, mai suna ISRG Root X1, ba. Shekaru da dama an rufe wannan giɓi da sa hannun wata tsohuwar cibiya, amma wa'adin wannan sa hannu ya ƙare a ƙarshen Satumbar 2024. Tun daga nan irin waɗannan wayoyi suna iya nuna `NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID` a shafi lafiyayye. Burauzar Firefox tana tafe da nata jerin cibiyoyi, don haka a 2024 ita ce ta zama mafita ga mai irin wannan waya. A yankin da wayar hannu ta biyu ta yi yawa, yana da kyau a gwada shafin a tsohuwar waya kafin a buga adireshinsa a jikin buhu ko allon ofis.

Wani lokaci satifiket lafiya yake amma hoto ko tsarin launi ya ƙi fitowa. Dalili shi ne a cikin fayil an kira wani abu da adireshi mai farawa da `http://`, burauza kuma ba ta son gauraya kullalle da buɗaɗɗe. A mayar da su `https://`, ko a rubuta hanyar fayil kawai kamar `hotuna/gona.jpg`.

Idan kuma shafi ya yi watanni yana aiki sai kwatsam ya koma nuna `404` bayan an ɗora sababbin fayiloli, a duba ko fayil mai suna `CNAME` yana nan a ma'ajiya. GitHub ce ta ƙirƙire shi lokacin da aka danna `Save`, layi ɗaya ne a cikinsa, wato sunan shafi. Wanda ya share komai domin ya ɗora sabo yakan tafi da shi bai sani ba.

Hanyoyi biyu da ake rasa suna

Hanya ta farko ita ce ta bar DNS yana nuni ga GitHub bayan an rufe shafi ko an goge ma'ajiya. Lambobin nan huɗu na dukan masu amfani da hidimar ne, sabar tana bambance su ne da sunan da kowa ya rubuta a `Custom domain`. Idan ƙungiya ta janye nata amma DNS bai sauya ba, wani baƙo yana iya rubuta sunan a tasa ma'ajiyar, ya ɗora shafin da ya ga dama, har ya samu satifiket na gaskiya. Mai saye zai buɗe adireshin da ya saba, ya tarar da lambar asusun banki da ba ta ƙungiya ba. Bayanin `TXT` da aka shigar tun farko shi ne katangar wannan, domin muddin yana nan GitHub ba za ta bari wani asusu ya yi amfani da sunan ba. Saboda haka ba a goge shi bayan an gama tabbatarwa. Dalilin nan ne kuma ya sa ake rubuta suna a GitHub kafin a juya DNS, kuma ba a shigar da bayani mai alamar `*` da ke tura kowane reshen suna zuwa sabar.

Hanya ta biyu ta fi yawa, kuma ba ta buƙatar wani gwani. Rajistar suna haya ce ta shekara. Idan wa'adi ya cika ba a biya ba, shafi da imel suna tsayawa tare, a ba da ɗan lokacin sassauci, daga baya fansa ta yi tsada, a ƙarshe sunan ya koma kasuwa kowa ya iya saya. Saƙon tunatarwa yana zuwa ne ta imel ɗin da aka yi rajista da shi, wanda sau da yawa na wani ne da ya bar gari. Ƙungiyar da kuɗinta ke shigowa da kaka za ta fi samun sauƙi idan ta biya shekara biyu ko uku a lokaci ɗaya bayan girbi, ta rubuta ranar ƙarewa a littafin taro, ta kuma sa kalmomin sirri na asusun rajista da na GitHub cikin kayan da tsohon sakatare ke miƙa wa sabo. GitHub tana ba da lambobin ceto ga wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu. A buga su a takarda a ajiye wurin ma'aji, domin idan wayar da ke karɓar lambar shiga ta ɓace, da su ne za a iya buɗe asusun.